Kafin ka ɗauki selsman, buɗe littafin bashi ka nemo tambayoyin intabiyu

Yawancin dilolin kayan masarufi a nan Gombe in za su ɗauki selsman, wato yaron da zai riƙa fita da kaya a mota yana bin shaguna, intabiyun hira ce kawai. A zaunar da yaro a ofis ko a bakin sito, a ce masa gaya mana kai waye, ina ka yi aiki, za ka iya wahala, ya ce zai iya, in bakinsa na da zaƙi kuma wani babba ne ya turo shi shikenan an gama. Wanda ya shigo bayansa kuma wasu tambayoyin daban za a yi masa, wani a yi minti 40 da shi saboda hirar ta yi daɗi wani minti 5 a sallame shi, toh daga ƙarshe da me za ka kwatanta su? Tsararriyar intabiyu maganin wannan take yi: tambayoyi iri ɗaya ga kowa, a jere iri ɗaya, kuma an riga an rubuta yadda za a ba kowace amsa maki tun kafin mutum na farko ya yi sallama. Wannan ɓangaren ba wuya. Inda ake samun matsala shi ne wace tambaya za a sa a takardar, dan in ka jera tambayoyin banza ka yi wa kowa su iri ɗaya, ba abin da ka ƙaru da shi.

Masu bincike sun daɗe suna auna wannan abu. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter sun tattara binciken shekaru 85 kan hanyoyin ɗaukar ma'aikata, suka samu tsararriyar intabiyu ta fi ta kara-zube nuna wanda zai yi aiki da kyau. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake lissafin da tsauri, tsararriyar ta fito da 0.42, ta kara-zube kuma 0.19, a ma'aunin da 1 ke nufin hasashe ya dace ɗari bisa ɗari, 0 kuma canki-canka. Kaga ta ninka ta har da ɗoriya, amma kuma ka lura 0.42 ɗin ma da sauran tafiya kafin 1, saboda haka kar wani ya ɗauka in ya tsara tambayoyi ya gama tsira daga mugun yaro.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani Alhaji ne dila a Babbar Kasuwar Gombe, yana saida taliya da man girki da sabulu da magi, yana neman selsman da zai riƙe masa hanyar Kumo, Billiri har Kaltungo, mota ɗaya da direba, a fita da safe a dawo da yamma, albashi kaɗan da kamasho a kan abin da ya sayar. Abin da kowa zai fara tunani shi ne a nemo mai iya talla. Amma ka zauna da duk wanda ya yi shekaru a wannan harka ka tambaye shi ina kuɗinsa suka fi salwanta, da wuya ya ce maka kaya ne suka ƙi sayuwa, taliya da magi ai kusan su suke saida kansu, abin da zai ce maka bashi ne, kayan da aka sauke a shago aka ce sai zagaye mai zuwa, zagaye ya zo ya wuce. Ga lissafin a fili: in ribar Alhaji kashi 4 cikin ɗari ce a kan kaya, bashin naira dubu 120 guda ɗaya ya mutu, sai ya sayar da kayan naira miliyan 3 kafin ya cike wannan ramin kawai. Toh selsman ɗin da ya cika taget amma ya bar basussuka uku irin wannan a hanya, asara ya kawo, ko da kuwa motarsa kullum fanko take dawowa.

Dan haka aikin farko ba rubuta tambaya ba ne, tono labarai ne. Wannan dabarar wani masanin halayyar ɗan Adam John Flanagan ne ya fitar da ita a rubuce a 1954, ta samo asali daga aikin da suka yi kan matuƙan jiragen sojan Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma sauƙinta ne ya sa har yau ake amfani da ita: ka tambayi waɗanda suka san aikin su ba ka labarin takamaiman lokacin da ma'aikaci ya yi abin da ya ceci aiki ko ya ɓata shi, me ya faru, me ya yi da hannunsa, me ya biyo baya. Alhaji sai ya zauna da mai lissafinsa da mai kula da sito da direban da ya fi daɗewa, direba musamman dan shi ke ganin abin da selsman ke yi a hanya wanda ba mai gani, a buɗe littafin bashi da rasitan shekara ɗaya ko biyu, a bi suna-suna. Wannan bashin ya aka yi ya kai haka? Wancan shagon da yake ɗaukar katan 30 me ya sa ya koma wajen wani dila? Ba a karɓar magana irin "yaron ba shi da kirki" ko "yana da ƙoƙari", sai an ce ranar kaza ya sauke wa mai shago katan 20 alhali akwai tsohon bashi bai faɗa wa kowa ba. In aka tara labarai 20 zuwa 30 sai a ware su kashi-kashi, kuma za ka ga da kansu suke taruwa wuri huɗu ko biyar: karɓo bashi, riƙon kuɗin da aka karɓo, buɗe sabon kwastoma, tsara hanya, da lissafi. Kashin da ya fi tara labarai masu tsada shi zai fi samun nauyi a intabiyu. A misalinmu bashi ne da riƙon kuɗi.

Yanzu tambayar bashin, wadda ita ce zan fi daɗewa a kanta. Hanya biyu ake gina ta. Ta farko ka tambayi abin da mutum ya taɓa yi, wannan salon Tom Janz ne ya yi fice da shi tun 1982, hujjarsa kuwa abin da mutum ya yi jiya shi ya fi nuna abin da zai yi gobe. Sai ka ce: "Ba mu labarin wani lokaci da wani ya riƙe maka kuɗin kaya, naka ko na maigidanka, lokacin biya ya wuce bai biya ba. Ya ka yi?" Ta biyu ka ƙirƙiri yanayi ka ce in kai ne ya za ka yi, wannan kuma Gary Latham da abokansa ne suka gabatar da shi a 1980. Dukkansu suna aiki, zaɓin ya danganta da waɗanda suka zo nema. In yawancinsu sun taɓa aikin, ko sun yi tsaron shago ko sun riƙe POS ko sun yi dillancin hatsi a Tudun Hatsi, ta farkon ta fi, dan labari na gaskiya yana da wuyar ƙirƙira nan take. In kuwa yara ne da suka gama makaranta ko bautar ƙasa ba su taɓa riƙe kuɗin wani ba, ta farkon zalunci ce a kansu, za su sami maki ɗaya ba dan ba za su iya ba sai dan ba su taɓa samun dama ba. Ni a ganina a kan bashi a yi duka biyun in akwai lokaci, in kuma dole sai ɗaya, ta yanayi, amma da sharaɗi.

Sharaɗin shi ne dole yanayin ya zama mai tsaka-mai-wuya. In ka ce "kwastoma ya ƙi biyan bashi, za ka ƙara masa kaya?" kowa ya san amsar da kake so, har wanda zai cinye ka zai ce a'a wallahi. Tambaya mai kyau tana sa abu biyu masu kyau su yi karo. Ga yadda za a ɗauko ta daga littafin Alhaji: "Akwai wani dattijo mai babban shago a Kumo, shekara biyar yana sayen kaya a wajenmu, shi ne ya fi kowa ɗauka a hanyarka. Ana binsa dubu 120, sati uku ya wuce wa'adi, dokar kamfani kuma ba a ƙara kaya a kan bashin da ya wuce sati biyu. Yau ka je ya ce ka sauke masa katan 25, zai haɗa duka ya biya ranar kasuwa, in ba haka ba akwai wani dila da ke ta roƙonsa. Saura kwana biyu wata ya ƙare kuma katan 25 ɗin nan su za su cika maka taget ka samu kamasho. Ka kira Alhaji wayarsa a kashe. Me za ka yi, kuma me za ka ce wa dattijon?" Kaga nan akwai kunyar babba, akwai tsoron rasa kwastoma, akwai aljihunsa shi kansa, akwai doka, kuma an toshe masa hanyar gudu ta "zan kira oga", wadda ita ce mafakar kowa in ba ka toshe ba.

Amma tambayar ba ta zama tambaya ba tukuna sai an rubuta amsoshinta. Wannan ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa, kuma ni a wajena shi ne gwajin ko tambaya ta cancanci shiga takarda: in ku ukun da za ku yi intabiyu kun kasa yarda a kan wace amsa ce mai kyau wacce ce mara kyau, ku jefar da ita ko ku fara gyara dokar kamfaninku dan matsalar daga can take. Ana rubuta misali na maki 1 da na 3 da na 5, a bar 2 da 4 ga amsar da ta faɗo tsakani. Maki 1 shi ne wanda ya ce zai sauke kayan tunda babban kwastoma ne kuma dattijo ba zai yi ƙarya ba, ko kuma wanda ya ce zai tsaya a shagon ya ɗaga murya ko ya kwashe kaya ko ya kira 'yan sanda, duka biyun asara ce, ɗaya ta kuɗi ɗaya ta kwastoma. Maki 3 wanda ya ce ba zai sauke ba dan doka ta hana, zai ba da haƙuri ya tafi ya gaya wa Alhaji da yamma, wannan bai yi ɓarna ba amma bai karɓo ko sisi ba kuma ya bar ƙofa a buɗe ga wancan dilan. Maki 5 shi ne wanda ya riƙe doka kuma ya nemo hanya a cikinta, misali ya ce: "Baba, ni yaronka ne, ba ni da ikon sauke kaya a kan tsohon lissafi, amma in ka rage wani abu yau, abin da ka saya da kuɗi hannu zan sauke maka yanzu ko katan 5 ne dan kar shago ya zauna ba kaya, sauran kuma mu sa rana, ni da kaina zan dawo ranar kasuwa da safe", sannan ya rubuta abin da aka yi a rasit, ya tura wa Alhaji saƙo tun yana wajen, ya kuma faɗa masa batun dilan da ke zawarcin kwastoman. Duk wanda ya haɗa abu ukun nan, kare kuɗi da girmama mutum da sanar da ofis, ya ci 5 ko da kalmominsa ba su yi kama da waɗannan ba.

In ta labarin baya kuka zaɓa, ku rubuta tambayoyin bin diddigi tun farko, guda huɗu sun isa kuma kowa za a yi masa su: yaushe ne, nawa ne kuɗin, kai da kanka me ka yi, ya aka ƙare. Da su ake gane labarin da aka ƙaga. Wanda abin ya faru da shi da gaske zai tuna adadi ko kusa da shi, zai tuna wata ne na azumi ko damina, zai faɗi abin da bai yi daɗi ba a ciki. Mai ƙagawa kuwa da ka ce yaushe sai ya zame ya koma "ai ni kullum abin da nake yi shi ne", ko ya yi ta cewa "muka je, muka yi" ba ka jin inda shi ya sa hannu. Sai dai a yi hattara da wannan "muka" ɗin, yaranmu da yawa tarbiyya ce ta hana su cewa "ni na yi" a gaban babba, ga sunkuyar da kai, dan haka sai ka tambaye shi a hankali "a cikin ku wa ya yi magana da mutumin?" kafin ka yanke. Kallon ido da ɗaga murya ba sa cikin abin da ake ba maki, in ba a rubuta su a takarda ba kar su shigo ta bayan gida.

Tambayar riƙon kuɗi ita ce ta biyu a nauyi kuma ita ta fi kowacce rauni, gara a faɗi gaskiya. Ba wanda zai ce maka shi maciyin amana ne. "Kana da amana?" ɓata lokaci ce. Abin da za ka iya aunawa shi ne ko mutum ya san inda zamewa ke farawa, dan yawancin yaran da suka ci kuɗin dila ba da niyyar sata suka fara ba, ara suka yi da niyyar mayarwa, sai su rufe ramin jiya da kuɗin yau har abin ya fi ƙarfinsu. Toh sai ka gina yanayin a nan: ya karɓo dubu 300 a Billiri, an kira shi daga gida mahaifiyarsa na asibiti ana neman dubu 40 yanzu, albashi saura kwana huɗu, ba wanda zai duba lissafin sai jibi. Wanda ya ce zai cira ya mayar in an yi albashi ya faɗi gaskiyar zuciyarsa amma maki 1 ne, wanda ya ce ba zai taɓa ba kawai ya tsaya nan 3, wanda ya ce zai tura kuɗin zuwa asusun kamfani yadda suke sannan ya kira Alhaji ya nemi a ba shi wani abu daga albashinsa, shi ne 5. Mai wayo zai iya cin 5 ya kuma cuce ka daga baya, shi ya sa wannan tambayar ba ta maye gurbin garanto da kiran tsohon maigidansa da dokar cewa kwastoma ya yi taransfa kai tsaye zuwa asusun kamfani ba na yaro ba.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Ta buɗe sabon kwastoma a yi ta da labarin baya, lokacin da wani ya ƙi sayen abinka sau da yawa daga baya ya saya ko bai saya ba, abin da ake nema shi ne ko ya koma, kuma ko ya canza wani abu da ya koma ɗin. Ta tsara hanya a ba shi shaguna 12 a garuruwa ukun, a ce mota ta makara awa biyu a lodi, wa zai fara zuwa wa zai bari, mai kyau zai tambaye ka wa ake bi bashi da wa kayansa suka kusa ƙarewa kafin ya amsa. Lissafi kuma kar a tambaya da baki, a ba shi biro da takarda ko ma wayarsa tunda da ita zai yi aiki: katan 25 a kan dubu 18 kowanne, ragin kashi 2 cikin ɗari ga mai biya hannu, akwai tsohon bashi dubu 120, mai shago ya ba da dubu 500, nawa ya rage? Kayan dubu 450 ne, ragi dubu 9, saura 441, a haɗa da tsohon bashi 561, a cire 500, ana binsa dubu 61. Wanda ya cire ragin daga jimlar har da tsohon bashi ka ga irin kuskuren da zai riƙa yi maka kullum a rasit.

Sai gwajin talla, kuma dan Allah a daina "sayar min da wannan biron". Ba biro zai sayar ba, kuma abin da wannan ke aunawa kawai shi ne wa ya fi rashin jin kunyar surutu. A ɗauko katan ɗin sabulun da kuke son turawa da gaske, mutum ɗaya a cikinku ya zama mai shago ga kowa da kowa, da ƙorafi biyu da aka rubuta ba ya canzawa, misali "wancan dilan ya fi ku sauƙi da naira 300 a katan" da "wanda na ɗauka wancan karon bai tafi ba", minti 5. Mai maki sama zai yi tambaya kafin ya fara yabon kaya, nawa kake sayarwa a sati, su wa ke saye, kuma ba zai karya farashi da bakinsa ba dan ba shi da wannan ikon. A nan ne kuma ake duba yare in aikin na buƙata. Hanyar Billiri da Kaltungo jin Tangale na taimakawa, wajen Kumo Fulatanci na taimakawa, toh ka ce a yi minti ɗaya na tallan da yaren, wannan abu ne na aiki. Amma "kai wace ƙabila ce", "wane addini kake", "ɗan wane gida ne", ko a tambayi mace "mijinki zai bari" ko "yaushe za ki yi aure", waɗannan ba su da gurbi a takardar, ba sa nuna wa zai karɓo bashi, kuma sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko asali ko jinsi ko addini. In damuwarka tafiya ce, faɗi sharaɗin aikin ga kowa, mace da namiji: ana fita ƙarfe 7 ana iya kaiwa magariba, kwana shida a sati, za ka iya?

Tambayoyi shida kenan, kusan minti 35 zuwa 40 ga mutum ɗaya, kuma sun isa, in suka kai 15 masu ba da maki gajiya suke yi su koma bin zuciya. Ta bashi da ta riƙon kuɗi a ninka makinsu biyu, jimla ta zama 40. Yanzu a ce mutum biyu suka rage. Na farko mai baki ne sosai, ya ci 5 a talla, 4 a sabon kwastoma, amma a bashi ya ce zai sauke rabin kayan dan kar a ɓata da dattijo sai ya samu 2, riƙon kuɗi 3, hanya 2, lissafi 3, in ka ninka biyun can ka haɗa ya tashi da 24. Na biyu ba shi da yawan magana, talla 3, sabon kwastoma 3, amma bashi 4, riƙon kuɗi 4, hanya 4, lissafi 5, ya tashi da 31. A hirar bakin sito na farkon za a ɗauka ba ko tantama, kowa zai fito yana cewa yaron nan akwai kai. Kuma ba wai na farkon ba shi da amfani ba ne, da a ce sabon kaya ne ba wanda ya sani ake son shigar da shi kasuwa, kuɗi hannu ba bashi, da nauyin zai koma kan talla da sabon kwastoma kuma da shi zai iya wucewa gaba. Nauyin daga littafin Alhaji ya fito, kuma dole a sa shi kafin a ga mutane, dan in aka bari sai bayan intabiyu kowa zai karkata shi wajen wanda ya kwanta masa a rai.

Wajen ba da makin akwai abu ɗaya da ya shafe mu sosai. In Alhaji na zaune ya ce "ni dai yaron nan ya yi min", mai lissafi ba zai ce a'a ba, ba dan tsoro kawai ba, ladabi ne. Saboda haka kowa ya rubuta makinsa da 'yar gajeriyar hujja da zarar an gama kowace amsa, ba a magana, sai yaro ya fita a buɗe takardu, ƙarami ya fara faɗin nasa Alhaji ya zo ƙarshe. In bambanci ya kai maki 2 a tambaya ɗaya sai a koma ga abin da yaron ya faɗa da bakinsa a gwada da misalan da aka rubuta. Takardar nan kuma tana yi wa Alhaji rana in ɗan'uwa ko aboki ya turo yaro, ya shiga intabiyu kamar kowa, in bai kai ba akwai abin nunawa ba tare da an ɓata zumunci ba.

Kafin ranar intabiyu a gwada tambayoyin a gida. Kira selsman ɗinka da ya fi kowa tsabtar lissafi da wanda kullum ake fama da shi, daban-daban, ka yi musu. In dukansu suka ci 5 tambayar ta yi sauƙi, amsar a fili take. In dukansu suka rikice, ko dai ta yi tsawo ko yanayin bai yi kama da aikin ba, sau da yawa su za su ce maka "ai yallaɓai ba haka ake yi a Kaltungo ba" su gyara maka ita. A yi intabiyun duka a rana ɗaya ko biyu kuma wanda ya gama kar ya koma cikin masu jira, dan tambaya na fita, kuma alamar ta fita ita ce ka ji mutum uku a jere sun ba da amsa da kalmomi iri ɗaya. In hakan ta faru zagaye na gaba a canza labarin, dattijon Kumo ya zama Hajiya mai shago a Billiri, adadin ya canza, amma karon da ke ciki da ma'aunin maki su zauna yadda suke.

Kar a yar da takardun makin bayan an ɗauki mutum. Bayan wata shida a ɗauko su a ajiye kusa da lissafinsa: nawa ya sayar, nawa ne bashin hanyarsa da ya wuce wa'adi, sau nawa kuɗinsa bai cika ba, shaguna nawa ya ƙara. Mutum ɗaya ko biyu ba su isa a yanke hukunci a kan tambaya ba, amma in an ɗauki biyar ko shida a hankali za ka fara gani, in waɗanda suka ci 4 da 5 a tambayar bashi su ne kuma bashinsu ya fi taruwa, toh ko dai tambayar ta bayyana amsarta ko misalan makin ne ba daidai ba, sai a koma wajen direba da mai lissafi a nemo sabon labari daga watannin nan shida a sake gina ta.